An wayi gari babu wayoyin taransfoma, ba a san wanda ya ɗauke ba: yaya za a rubuta labarin?

Sadiya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman gyara kafin in miƙa labari ƙarfe huɗu na yamma. A wata unguwa ce nan cikin Gombe, an wayi gari yau Laraba taransfoma ba ta aiki. Wayoyi huɗun da suka fito daga jikinta zuwa akwatin rabon wuta babu su, ƙofar shingen a buɗe, kuma akwai mai a ƙasa. Ga yadda na fara: “Wasu ɓata-gari da ake zargin 'yan gwangwan ne sun farfasa taransfoma a daren jiya, inda suka sace wayoyi da mai na miliyoyin naira, suka jefa ɗaruruwan gidaje cikin duhu.” Jikina na ba ni akwai abin da bai zauna ba, amma na kasa gane shi.

Hamma Sale: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ni dai ban ga matsala ba. Tunda kin sa “ake zargin”, kin fita. Ba ki ce su ne ba, kin ce zargi ake yi. Ki miƙa abinki.

Malam Bappayo: Wa'alaikumus salam. Sale, a yi haƙuri, ba ta fita ba. Sadiya, ɗauki jimlar nan ki bi ta kalma bayan kalma, kowace ki tambaye ta: wa ya gani? Kin ce “wasu”, wato sun fi mutum ɗaya. Wa ya ƙirga su? Kin ce “ɓata-gari”, kin riga kin yanke hukunci a kan halin mutumin da ba wanda ya ga fuskarsa. Kin ce “sun farfasa”, alhali abin da kika bayyana mana wayoyi ne babu da mai a ƙasa, ban ji kin ce wani abu ya fashe ba. Kin ce “sun sace mai”, amma man a ƙasa kika gan shi, wanda aka sace kuwa ba ya zama a ƙasa. “Miliyoyin naira” daga bakin wa? “Ɗaruruwan gidaje” daga bakin wa? Jimla ɗaya ce, amma ta ɗauki iƙirari bakwai, kuma a cikin bakwai ɗin, wanda idonki ya tabbatar shi ne wuta ba ta zuwa.

Kafin mu gyara, faɗa mana abin da ke hannunki tsurarsa. Me kika gani da idonki, me aka faɗa miki, wa ya faɗa, kuma shi a ina ya samo?

Sadiya: To Malam. Da idona na ga wuraren ɗaurin wayoyi huɗu babu komai, sai guntaye a jikin biyu daga ciki. Na ga ƙofar shinge a buɗe, babu kwaɗo a jiki, ban kuma gan shi a ƙasa ba. Na ga ƙasa ta jiƙe da mai a gefe guda. Mai shayin da ke tsallaken titi ya ce an ɗauke wuta wajen ƙarfe tara na dare, kuma lokacin da ya tashi daga teburinsa, sha ɗaya da rabi, ƙofar a rufe take. Wani dattijo ya ce shi ya fara ganinta a buɗe bayan sallar asuba, wajen shida saura ashirin. Jauro, wato mai unguwar, ya ce gidaje kusan 200 ne a kanta. Maganar 'yan gwangwan kuwa samarin da na tarar a wajen ne suke ta faɗa, amma da na tambaya ko wani ya gan su, babu wanda ya ce ya gani.

Malam Bappayo: Madalla. Wannan da kika rubuto yanzu ya fi jimlarki ta farko zama labari. Ki lura da lokaci. Ba ki san ƙarfe nawa abin ya faru ba, abin da kika sani iyaka biyu ce: sha ɗaya da rabi na dare ƙofa a rufe, in ji mai shayi, shida saura ashirin na safe ƙofa a buɗe, in ji dattijo. Sai ki rubuta “tsakanin” waɗannan lokuta biyu. Idan kika rubuta “da misalin ƙarfe biyun dare”, kamar yadda aka saba gani, to kin ƙirƙiri shaidar da babu shi. Kuma ko iyakar farkon tana da rauni. Mai shayi daga tsallaken titi, cikin duhu, ƙofa ya gani a rufe. Bai ce ya ga wayoyin suna nan ba. Don haka ki rubuta cewa ƙofar ya gani, kada ki ce taransfomar lafiya lau take a lokacin.

Injiniya Ɗahiru: Bari in shigo ta ɓangarena, domin tambayar farko ba ta “wa ya yi” ba ce, ta “an yi ne, ko ya faru ne”. Taransfomar unguwa tana karɓar babbar wuta ta sama, ta fis uku da ke kan turke, ta sauke ta zuwa wutar gida. A ƙasan akwai bakuna huɗu, layuka uku da na huɗun da muke kira nutural. Waɗannan huɗun su ne kika ce babu. Ki koma ki dubi guntayen nan biyu da suka rage, daga wajen shinge, da kyamarar waya, kada ki taɓa komai don ba ki san lokacin da za a dawo da wuta ba.

Wayar da aka yanka da zarto bakinta a baje yake, jan ƙarfen yana sheƙi, da layi-layin haƙoran zarto, sau da yawa har da garin ƙarfe a ƙasa. Wadda aka datse da babban almakashi bakinta a matse yake, ya ɗan lanƙwashe. Wadda wuta ta ci kuwa bakinta a narke yake, ya yi ƙulli-ƙulli kamar ɗigon dalma, robar ta ƙone ta yi baƙi, ga hayaƙi a jikin ƙarfen da ke kusa. Sannan bakuna biyun da babu guntu, ki duba ko notunan suna nan, ko an kwance su. Yanka daban, kwancewa daban, kuma ya kamata mai karatu ya san wanne kika gani.

Maganar mai ita ce na fi so ki yi hattara da ita. Taransfoma da yawa suna yoyo tun da daɗewa. Tsohon yoyo za ki ga ƙura ta manne ta yi baƙin danƙo a jikin tankin, daga sama ta gangaro. Idan kuma buɗe famfon ƙasa aka yi, jiƙon sabo ne, ya taru a gindin famfon. Akwai ɗan gilashin da ke nuna tsayin mai a jiki, ki ɗauki hotonsa. Taransfoma mai ƙarfin kVA 300 tana ɗaukar mai wajen duro guda ko sama da haka, kuma ainihin adadin yana rubuce a farantin da ke manne a jikinta. Jiƙon da bai fi faɗin tabarma ba bai isa ya nuna miki ko lita biyar ce ta zuba, ko an kwashe sauran a jarkoki ba. Sai ma'aikatan wuta sun auna.

Sadiya: Injiniya, na buɗe hotunan na ƙara girmansu. Guntayen biyu bakinsu a baje yake, suna sheƙi, babu alamar ƙuna. Sauran biyun notunan babu su. Gilashin man ban ɗauka ba.

Injiniya Ɗahiru: To kina da hujjar cewa hannun mutum ya taɓa wajen. Biyu an yanke, biyu an kwance. Wannan za ki iya rubuta shi kai tsaye. Mai kuwa ki ce an ga ya zuba a ƙasa, ki tsaya nan.

Malam Bappayo: A nan Hausa ta yi mana gata, kuma ba ma amfani da gatan. Muna da “an”. “An yanke waya” ya faɗi cewa mutum ne ya yi, bai faɗi ko shi kaɗai ne ko su goma ba, bai faɗi namiji ko mace, yaro ko babba ba. Muna kuma da “waya ta tsinke”, “taransfoma ta lalace”, “mai ya zuba”, waɗanda ba su ɗora wa kowa ba. To mai rubutu ya zaɓa da sani. Wayoyin nan “an yanke” su, tunda Injiniya ya nuna mana alamar. Man kuwa “ya zuba”, tunda ba mu san ko zubar da shi aka yi ba. Idan kika rubuta “an zubar da mai”, baƙaƙe kaɗan kika ƙara, amma kin saka mutum a inda wataƙila tsohuwar roba ce ta saki.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka bar wannan “an” ɗin mai tsafta muka rungumi “wasu da ba a san ko su wane ne ba”. Doguwa ce, kuma ta fi “an” faɗin abin da ba a sani ba, tunda ta ce suna da yawa.

Alhaji Manu: Salamu alaikum. Ni shawarata ita ce mutanen unguwar su haɗa kuɗi gida-gida, a yi wa taransfomar keji na rodi mai kauri, a zuba kankare a kan wayoyin ƙasa, a sa fitila mai sola, a ɗauki mai gadi. Unguwarmu haka aka yi. Kuma duk wanda ya san harkar nan ya san sai da ɗan gari akan ci gari. Wanda bai san wuta ba ba zai kusanci taransfoma ba. Ma'aikatan wutar ne da kansu, a rubuta haka kawai.

Adda Jummai: Alhaji, Allah ya ƙara girma, shawarar keji tana da kyau amma ba gyaran taransfoma ake tambaya ba, rubuta labarin ake tambaya. Sai dai ƙarshen maganarka ta shigo cikin batun sosai. Samarin unguwa sun ce 'yan gwangwan, kai ka ce ma'aikata, gobe wani zai ce 'yan Kalare, in a Bauchi ne a ce 'yan Sara-suka, in zaɓe ya matso a ce 'yan adawa ne don su ɓata wa gwamnati suna. Taransfoma ɗaya, masu laifi huɗu ko biyar, kuma duk daga abu guda aka ciro su, wato babu wanda ya gani.

Injiniya Ɗahiru: Alhaji, ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce. Wanda ya kwance noti biyu ya zo da sifana, kuma ya san abin da yake nema. Amma daga nan zuwa “ma'aikaci ne” akwai tafiya mai nisa. An ce tun ƙarfe tara babu wuta a layin, kowa a unguwar ya san haka, ba sirri ba ne. Masu aikin wayarin a garin nan ba su ƙirguwa, ga waɗanda suka koya suka bari. Har fis ukun nan na sama, idan aka gan su a rataye, mutane sukan ce ai ga shaida, gwani ne ya sauke su. Alhali fis ɗin an yi shi ne ya faɗo da kansa idan ya ƙone. Sai an sauko da shi an duba ko zaren cikinsa ya tsinke ko yana nan lafiya kafin a san ko hannu ne ya ja shi. Abin da za a iya rubutawa shi ne an yi amfani da kayan aiki. Ko wane ne ya riƙe kayan aikin, wayar ba za ta faɗa ba.

Akwai ma wata hanyar da ba a kawo ba. Wani lokaci ma'aikata kan cire waya da izini, don gyara ko don canji, mutanen unguwa ba su sani ba. A nan ba na jin haka ne, saboda mai cirewa da izini ba ya yanka da zarto, kuma ba ya zuwa da tsakar dare. Amma kiran waya ɗaya ne zai rufe wannan ƙofar, kuma sai an rufe ta kafin a rubuta “sata”.

Barista Hauwa: Na gode Injiniya, kan abin da zan faɗa ka sauka. A dokar Final Kod ta Arewa sata daban, ɓarna daban. Sata, a sashe na 286, ɗauke kayan wani ne daga hannunsa ba da yardarsa ba da niyyar rashin gaskiya. Ɓarna, a sashe na 326, lalata kaya ne ko rage amfaninsa da niyyar jawo asara, ko da sanin cewa asarar za ta biyo. Duka biyun akwai niyya a cikinsu, kuma sata tana buƙatar rashin yardar mai kaya. Don haka, Sadiya, idan kamfanin da ke da taransfomar ya ce ba mutanensa suka cire ba kuma bai ba kowa izini ba, kina iya cewa “an sace”, ki jingina gare shi. Kafin nan “an ɗauke” ko “babu su” ya ishe ki.

Sai maganar Hamma Sale. Hamma, “ake zargin” ba laya ba ce. Wanda ya maimaita ƙazafi ya yaɗa shi, ko da ya ce ji ya yi. Sashe na 391 da ke magana kan ɓata suna bai tsaya ga mutum ɗaya ba, ya haɗa da kamfani da ƙungiya. Idan a unguwar akwai shagon gwangwan guda ɗaya tak, ka rubuta “ana zargin 'yan gwangwan na unguwar”, ba ka ambaci suna ba amma kowa ya gane wanda kake nufi. Kuma tambayar da za a yi maka ita ce: wa ke zargin? Idan 'yan sanda ne suka faɗa a hukumance, ka rubuta “'yan sanda sun ce suna zargin”. Idan samari ne a bakin titi waɗanda suka amsa da bakinsu cewa ba su ga kowa ba, to “ake” ɗin nan ɓoye raunin majiyar ya yi, ya sa hirar bakin titi ta yi kama da binciken hukuma.

Hamma Sale: Barista na karɓi wannan. Amma ina da ja a wani wajen. Idan duk unguwa maganar 'yan gwangwan take yi, ɗan jarida ya yi shiru a kai, ai ya ɓoye wani ɓangare na abin da ke faruwa. Mutane za su karanta su ce wannan bai zo wajen ba, ko an toshe masa baki. Ni gani nake a faɗa, a kuma faɗi cewa babu hujja.

Adda Jummai: A rediyo ba na yarda da wannan ko kaɗan. Mai sauraro yana tuƙa Keke Napep, ko tana tuƙa tuwo, kunne ɗaya ya ba ka. Ka ce “wasu na zargin 'yan gwangwan, sai dai babu hujja”, abin da zai shiga shi ne “'yan gwangwan”. Rabin jimlar na baya iska ce ke ɗauke shi. Gobe da safe yaro ya shigo unguwar da baro yana neman tsohon ƙarfe, a tare shi, a zazzage buhunsa, a samu guntun waya da ya tsinta a bola, kuma mun san yadda taron fushi yake ƙarewa a ƙasar nan. Wannan yaron ba shi da lauya, ba zai kai kowa ƙara ba. Hatsarin da ke kansa ya fi na ɓata suna nesa ba kusa ba.

Malam Bappayo: Ni ina tsakaninku, amma na fi karkata wajen Jummai. Ma'aunina shi ne ko jita-jitar ta haifi wani aiki. Idan magana ce kawai ake yi, sai in rubuta “mazauna unguwar na faɗin ra'ayoyi mabambanta kan wanda ya aikata, amma babu wanda ya shaida wa wakiliyarmu cewa ya gani”, ban ambaci kowane rukuni ba. Idan kuwa Jauro ya hana masu gwangwan shiga unguwar, ko 'yan banga sun je sun bincike wani shago, to wannan abu ne da ya faru, dole a faɗe shi, kuma dole a je a ji ta bakin waɗanda aka yi wa. A nan ba a kai ga haka ba.

Hamma Sale: Ban gamsu duka ba Malam. Wanda ya karanta “ra'ayoyi mabambanta” zai cike gurbin da abin da ya fi muni. Amma a ci gaba.

Malam Bappayo: An bar shi a buɗe. Yanzu ga inda na fi so Sadiya ta tsaya, wato jimlar rashin sani kanta. Mun saba rubuta “kawo yanzu ba a san waɗanda suka aikata ba” kamar wani abin rufe baki a ƙarshen labari. To wa ne bai sani ba? Abu uku ne mabambanta. Na ɗaya, 'yan sanda sun ce ba su gano kowa ba: wannan magana ce da aka faɗa miki, sai ki jingina. Na biyu, kin tambaya sun ƙi faɗa, ko sun ce suna bincike: wataƙila sun sani, ke ce ba ki sani ba. Na uku, kin kira ba a ɗaga ba: nan ba ki san ma ko an kai musu rahoto ba. Idan kika haɗa ukun a “ba a sani ba”, kin faɗi abin da ya fi ƙarfin saninki, don kina magana a madadin kowa da kowa. Kuma “kawo yanzu” ba ta da amfani a rubutun da za a tura daga waya zuwa waya har mako guda. Ki sa rana da ƙarfe.

Sannan kada ki dunƙule abin da ba a sani ba a kalma ɗaya. Wanda ya aikata, tambaya ce guda, dalilinsa wata tambayar ce daban, yawan abin da aka rasa ta uku, ranar dawowar wuta ta huɗu. Dalili shi ne wanda aka fi zamewa a kai. Jan ƙarfe yana da kuɗi, don haka hannu yakan rubuta “don su sayar” ba tare da an lura ba. Mai yiwuwa haka ne, har ma shi ya fi kusa. Amma ba a kama kowa ba, ba a ga wayar a kasuwa ba. Kina iya cewa wayoyin na jan ƙarfe ne, idan Injiniya ko kamfani ya tabbatar, mai karatu ya yi lissafinsa.

Ku tuna watan Afrilun 2024, lokacin da TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa, ya sanar cewa an lalata turaku huɗu a babban layin Jos zuwa Gombe, muka kwashe makonni a wahalar wuta har su Yola da Jalingo. Mai kayan ne da kansa ya ce lalatawa aka yi, ya faɗi adadi. Wannan ya isa a rubuta “TCN ya ce an lalata”. Bai isa a rubuta sunan wani rukuni ko wata manufa ba. Girman ɓarna ba ya ƙara wa ɗan jarida sani ko da ƙwayar zarra.

Barista Hauwa: Ƙari kaɗan don gobe, tunda irin wannan labarin yakan dawo. Idan aka ce an kama wani, kada “ba a sani ba” ta rikiɗe ta zama “an gano ɓarawon”. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. A rubuta “'yan sanda sun ce sun kama mutum ɗaya”, ko Sibil Difens idan su ne, tunda kare irin waɗannan kayayyakin yana cikin aikinsu, kuma yana da kyau a kira su su ma. Ko an ce ya amsa laifinsa, a jingina ga wanda ya ce ya amsa. Hoto kuma a kula. Hoton taransfoma da samari tsaye a gefenta, a ƙarƙashin kanun da ke maganar sata, ya sa fuskokin 'yan kallo a matsayin waɗanda ake nema. A yanke hoton ya tsaya a kan wayoyin.

Sadiya: Na gode ƙwarai. Na kira ofishin kamfanin wuta na yankin, wani jami'i ya ce ba su tura kowa aiki wajen ba, za su aiko a duba, bai faɗi rana ba, kuma ya ce ba zai iya ƙiyasta asara ba sai an auna. Kakakin 'yan sanda na kira sau biyu bai ɗaga ba, na tura saƙo. Ga sabon rubutun:

“An yanke wayoyin taransfoma a wata unguwa a Gombe, ba a kai ga gano wanda ya yi ba.

Mazauna unguwar sun wayi gari ranar Laraba babu wuta, bayan da aka ɗauke wayoyi huɗu da ke haɗa taransfomarsu da akwatin rabon wuta. Wakiliyarmu ta ga alamar yanka a biyu daga ciki, sauran biyun kuma an kwance notunansu. Babu wanda ya shaida mata cewa ya ga wanda ya yi, ko mutum nawa ne. Wani mai shayi ya ce ƙofar shingen a rufe take da ƙarfe 11:30 na daren Talata, wani dattijo kuma ya ce ya tarar da ita a buɗe da ƙarfe 5:40 na asuba. Babu kwaɗon a wajen, don haka ba mu iya tantance ko fasa shi aka yi ko buɗewa ba. An ga mai ya zuba a ƙasa, amma ba mu tabbatar ko yoyo ne ko buɗe famfon aka yi ba. Wani jami'in kamfanin wuta ya ce ba su tura ma'aikata wajen ba, kuma ba su ƙiyasta asarar ba tukuna. Jauron unguwar ya ce gidaje kusan 200 abin ya shafa. Zuwa ƙarfe 3:00 na yammacin Laraba kakakin 'yan sanda bai amsa kira da saƙon da muka aika masa ba.”

Malam Bappayo: Yanzu ya zama labari. Maganar kwaɗon ta yi mini daɗi, ba wanda ya nuna miki ita, kuma ita ce mai karatu zai fi son sani. Gyara biyu. Kanun ya ce “ba a kai ga gano wanda ya yi ba”, alhali 'yan sanda ba su yi miki magana ba, kin koma ramin da muka fito. Ki ce “An yanke wayoyin taransfoma a Gombe, gidaje kusan 200 babu wuta, in ji Jauro”, ko ki tsaya a rabin farko kawai. Na biyu, ki sa sunan unguwar a wanda za ki miƙa, wuri ba abin ɓoyewa ba ne. Mai shayin kuwa ki tambaye shi ko ya yarda a ce “mai shayi”, don idan shi kaɗai ne a tsallaken titin, kin faɗi sunansa ke nan.

Injiniya Ɗahiru: Ki ƙara tambayar jami'in abu ɗaya: an raba taransfomar da babban layi kuwa? Idan man ya ragu sosai aka dawo da wuta a kanta, naɗin cikinta zai ƙone, asarar wayoyi huɗu ta koma asarar taransfoma sukutum. Sannan bakunan nan huɗu a tsirara suke, ƙofa a buɗe, ga yara. Wannan ya cancanci layi guda a labarin tun yau.

Adda Jummai: Ni a iska daƙiƙa arba'in nake da su, ba zan iya ɗaukar kwaɗo da mai da mai shayi duka ba. Zan ɗauki yankan wayoyin, tazarar lokacin, maganar kamfani, da cewa babu wanda ya ce ya ga mai yin, sai gargaɗin Injiniya kan yara. Abin da ban warware ba shi ne “an sace”. Barista ta ce da maganar kamfani ya halatta, amma jami'in cewa ya yi ba su tura kowa ba, bai ce sata ce ba.

Barista Hauwa: Haka ne Adda. “Ba mu tura kowa ba” ya rage hanya ɗaya, bai furta kalmar ba. Sadiya ta sake kiransa ta tambaye shi kai tsaye ko kamfanin yana ɗaukar abin a matsayin sata, kuma ko sun kai rahoto caji ofis. In ya ce e, ta rubuta da sunan kamfanin. In ya ce sai sun duba, “an ɗauke” ta zauna har gobe.

Sadiya: Ina kiransa yanzu. Daga nan zan koma wajen in ɗauki hoton gilashin man, in kuma tambayi mai shayin.